Tebura Arba'in da Ɗanyen Katako

A layin masu katako ba wanda ke kiransa da sunan yanka, Shiru-shiru kawai ake ce masa, kuma yana amsawa. Tun yana ƙarami yake da i'ina. In magana ta tsaya masa a maƙogwaro sai ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya rufe, har mai sauraro ya ƙosa ya ƙarasa masa. Tun daga lokacin ya gane cewa rufe baki ya fi masa sauƙi. Ya bar makaranta a aji shida saboda karatu a gaban allo, ya bi yayansa shagon kafinta, a nan ya samu aikin da ba ya neman baki.

Shekara ashirin da huɗu suka yi tare, kowa da rabonsa. Yaya ne a bakin ƙofa kan kujerar roba, shi ke ciniki, shi ke karɓar kafin alƙalami, shi ke sa rana. Shiru-shiru yana can ciki tsakanin zarto da guduma, fensir a bayan kunne, garin katako har cikin gira. Mutanen layi sukan yi musu ba'a, wai Allah ya raba musu gado tun a ciki, ɗaya ya ɗauke harshe, ɗaya ya ɗauke hannu.

Harshen Yaya kuwa ba dama. In aiki ya makara, mai kaya ya zo yana huci, sai Yaya ya tare shi da fara'a, ya sa a kawo ruwan sanyi, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ai saura shafa banish kawai, a dawo jibi. Alhali ko yanka katakon ba a yi ba. Jibi ta zo, sai a ce direba ne ya yi tafiya. Shiru-shiru yana ji daga ciki, kunnensa na zafi, sai ya ƙara ƙarfin buga ƙusa don kada ya ji sauran. Bai taɓa cewa komai ba. Yaya ne ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa riƙon zarto, to ta ina zai fara?

Bara ciwon hawan jini ya kayar da Yaya, ɓarin jikinsa na hagu ya yi nauyi. Ya warke daidai gwargwado, yana magana, yana takawa da sanda, amma likita ya hana shi zaman shago. Kujerar roba ta koma ba kowa. Wata takwas Shiru-shiru yana lallaɓawa da ƙananan ayyuka, ƙofa, kanta, gadon yara, irin waɗanda nuni da yatsa da rubuta farashi a takarda ke isarwa. Sai ga babban aiki ya zo. Shugabar wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta, mace mai tabarau da saurin magana, ta buɗe sababbin azuzuwa biyu, tana son tebura arba'in haɗe da bencinsu, kowane na ɗalibai biyu. Ta ba da rabin kuɗi ta banki, ya rubuta mata rasit da hannunsa: za a kai kaya ranar Asabar, goma sha uku ga wata. Makaranta za ta buɗe Litinin, goma sha biyar.

Busasshen katakon da ke shagon na tebura goma sha shida ne. Sauran ya biya wa mai katako tun da wuri, aka ce mota na hanya.

Motar ta iso ranar Litinin, ɗaya ga wata. Tun da ya ɗaga fallen farko ya ji nauyin ya wuce misali. Ya sa zarto a bakin fallen, garin da ya zubo bai tashi ba, dunƙulewa ya yi a tafin hannunsa, da sanyi kamar ƙasar da aka yi wa yayyafi. Ya gwada na biyu, ya gwada na tsakiyar mota. Duk ɗanye ne shakaf. Ma'aikatansa biyu, magidanta ne da suka daɗe tare da shi, suka tsaya suna kallonsa. Babban cikinsu ya ce ai in aka shafe shi da banish ba mai ganewa. Gaskiya ya faɗa, ranar kai kaya ba mai ganewa. Amma Shiru-shiru ya san abin da wata biyu za su yi: saman tebur ya kantare, mahaɗa ta buɗe baki, ƙusa ta ɗago kai a daidai inda yaro zai ɗora gwiwar hannu. Ya girgiza kai, ya nuna wa direba ya juya da kayansa.

Mai katako bai yi gardama ba, ya ce kuskuren masu lodi ne. Yana da busasshe da zai fito daga wurin da ake busar da shi da zafi, amma sai ranar Alhamis, goma sha ɗaya ga wata. Shiru-shiru ya zaga sauran shagunan layin da na bayan kasuwa, bai samu mai irin kaurin da yake so da yawan da zai isa ba. Ya dawo ya zauna a kan bencin aiki, ya ciro fensir, ya yi lissafi a bayan kalanda. Su uku suna gama tebura uku a rana. Ashirin da huɗu kwana takwas ke nan na aiki. Banish ya sha iska kwana biyu. In katako ya zo ranar da aka ce, za a gama ashirin da uku ga wata. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya tuna halin motoci da halin wutar lantarki, ya ƙara kwana huɗu. Asabar, ashirin da bakwai. Mako biyu cur bayan ranar da ya sa hannu a kai.

Lissafin bai ba shi wahala ba. Faɗarsa ce ta hana shi cin abinci.

Ranar Talata ya ɗauki waya ya fi sau goma. Ya nemo lambar Shugaba, ya dube ta, ya mayar aljihu. Ya fita bayan shago inda ake tara guntayen katako ya gwada maganar shi kaɗai, tana fita sumul, don in ba kowa harshensa ba ya masa gardama. Da ya tuna fuskarta da yadda take kaɗa biro a kan tebur in ana jan magana, sai kalmar farko ta maƙale. Da azahar ya yanke yatsa da zarto, abin da ya yi shekara goma bai yi ba.

Da la'asar ya tafi gidan Yaya. Ya same shi a zaure, rediyo a gefe, sanda a jingine. Ya zayyana masa komai a hankali, Yaya na jinjina kai, har ya gama. Sai Yaya ya yi dariya, ya ce wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Shawararsa ita ce a yi shiru har ranar goma sha uku, a kai goma sha shidan a ce sauran na kan mota ta biyu. Kafin ta gane an ci kwana uku, daga nan a ce ma'aikaci ya kwanta rashin lafiya, a haka a haka har a kai.

"Mai kaya kamar mara lafiya ne, Auta," in ji Yaya. "Ba a ba shi magani mai ɗaci gaba ɗaya. Kuma kada ka kuskura ka ambaci mayar da kuɗi. Kana furtawa za ta miƙo hannu."

Shiru-shiru ya ce to. Ya gyara wa Yaya matashin bayansa, ya yi sallama. A hanya ya ji maganar ta yi masa daɗi, don ta ɗauke masa tsayuwa a gaban Shugaba. Ya kusa amincewa.

Matarsa ce ta ɓata shirin. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ga ƙyalle a yatsansa, ta ga ya ture kwano, ta tsare shi da tambaya har ya faɗa. Tana kwance masa ƙyallen tana wanke ciwon ta ce ita ba ta san aikin katako ba, amma ta san yara arba'in da takwas ne za su zo ranar Litinin da sababbin jakunkuna su tarar ba wurin zama. In Shugaba ta ji gobe, tana da kwana goma sha biyu na neman mafita. In ta ji ranar goma sha uku, kwana ɗaya gare ta, shi ma Lahadi.

"Baban yara, Yaya yana da bakin da zai yi ƙarya bakwai a jere. Kai ko ɗaya ba za ka iya kaiwa ƙarshe ba. Gaskiyar ta fi gajarta, ita za ka ɗauka."

Ya yi murmushin dole. Ya ce mata abin da ya fi tsoro: in Shugaba ta ce a mayar mata da kuɗinta, suna wurin mai katako. Matarsa ta ɗaure ƙyallen, ta ce ai akwai abin da yake tarawa na sayen injin goge katako. Shekara biyu yana tara kuɗin nan. A ƙarshe ya ce haka ne, kuɗin mutane ba nasa ba ne sai ya kai kaya.

Kafin magariba suka zauna suka rubuta takarda, shi yana faɗa, ita tana gyara rubutu, saboda in bakinsa ya ƙi, takarda ta yi magana. Ba ta kai rabin shafi ba. Ta buɗe da cewa aikin ba zai kammala ranar da aka yi alkawari ba, kuma yana ba da haƙuri. Dalili layi ɗaya: katako ya zo ɗanye, ya mayar. Tebura goma sha shida za su iso ranar goma sha uku, ashirin da huɗu ranar ashirin da bakwai. Sai zaɓi: ta jira duka, ko ta karɓi goma sha shidan a soke sauran a mayar mata da abin da ya rage na kuɗinta, ko ta fasa aikin gaba ɗaya a mayar mata da kafin alƙalaminta ba ragi. Kowane ta zaɓa, kuɗin zai koma asusun da ya fito cikin kwana uku. Matarsa ta so a sa cewa laifin mai katako ne, ya ce a'a, ba mai katako ne ya sa hannu a rasit ba. Suka kwafe ta gida biyu.

Ranar Laraba da hantsi ya sa rigarsa mai tsabta ya tafi makarantar. Ana ta share-share, ƙamshin sabon fenti ya cika baranda. Ya wuce ta gaban sababbin azuzuwan, ya leƙa ta taga, ɗakuna biyu fayau, allo kawai a bango. Ya ƙarasa ofishin Shugaba. Aka ce ya jira, Shugaba tana tare da wasu iyaye. Ya zauna a benci wajen minti arba'in, takarda na jiƙewa da gumi a hannunsa, sau biyu yana miƙewa kamar zai tafi.

Da ya shiga ta tarbe shi da fara'a, ta ce Malam Kafinta ko an gama ne tun kafin lokaci. Wannan fara'ar ta fi komai yi masa nauyi. Ya gaishe ta, gaisuwa ta fita. Ya buɗe baki zai ce tebura, sai harafin farko ya tsaya. Ya ja numfashi ya sake, ya sake tsayawa. Fanka na juyawa a sama, wayarta ta yi ƙara ta kife ta. Ta ce, "Teburan? Kuɗi ne bai isa ba?" Ya ɗaga hannu alamar ta dakata, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ta dakata.

"Ranki ya daɗe, a-a-aikin zai makara. Ba zan iya kawo duka ranar sha uku ba."

Sauran ya fito a gutsure, amma ya fito. Da ya kai ga ranar ashirin da bakwai ya faɗe ta sau biyu don kada a yi kuskuren ji, sannan ya ajiye takardar a gabanta.

Fara'ar ta ɗauke. Ta karanta takardar har ƙasa, ta cire tabarau, ta shiga faɗa. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowace kalma da kaifinta. Ta ce ta riga ta karɓi yaran mutane, ta zaga da iyaye ta nuna musu azuzuwan, ta ce musu komai zai zama a shirye. Ta ce an gargaɗe ta a kan kafintoci ba ta ji ba. Ta tambaya me ya hana shi duba katakon tun kafin ya sa mata rana. Wannan tambayar ta same shi, don tana da gaskiya. Ya ce kuskurensa ne, ya sa rana a kan katakon da bai gani da idonsa ba.

Ta ce to ya yi da ɗanyen mana, ita dai a samu abin zama. Ya girgiza kai, ya kwatanta mata da tafin hannu yadda fallen ke lanƙwashewa, ya ce kafin ƙarshen zango za ta kira shi da faɗan da ya fi wannan. Ta ce ya rage ranar, ya mayar da ita ashirin. Nan ne ya fi jin tsoro, don bakinsa ya so ya ce to, a rabu lafiya. Ya dafe gwiwarsa.

"In na ce ashirin, ƙarya na yi miki. Ashirin da bakwai ce nake da tabbas."

Ta mayar da tabarau, ta sake karanta wurin mayar da kuɗi. Ta tambaya da gaske ne cikin kwana uku, ya ce da gaske. Ta ce za ta yi shawara da mai makarantar, zai ji daga gare ta zuwa Juma'a. Ta sa hannu a kwafinsa alamar ta karɓa. Ba ta ce ya gaida gida ba.

Kwana biyun nan wayarsa ba ta bar aljihun gabansa ba. Duk ƙarar da ta yi sai ya ajiye guduma. Ya ci gaba da goma sha shidan bai san ko za a karɓa ba. Labari ya kai wa Yaya, ya aiko a kira shi, ya ce ya yi wauta, ya kai wuyansa ga wuƙa da kansa. Shiru-shiru ya sunkuyar da kai ya sha faɗan, bai kare kansa ba, bai kuma ce ya yi nadama ba.

Saƙon ya shigo ranar Juma'a da safe, a rubuce. Ba ɗaya daga cikin zaɓin ukun ta ɗauka ba. Ta samu tebura goma sha biyu na ƙarfe a wani shago, waɗanda aka riga aka ƙera, ta kuma ari wasu tsofaffi daga ɗakin karatu da za su riƙe yara mako biyu. Don haka a kawo goma sha shida ranar sha uku, goma sha biyu ranar ashirin da bakwai, a soke goma sha biyu, a mayar mata da kafin alƙalamin da ya hau kansu. Ya amsa da cewa ya amince, ya maimaita adadin da ranakun a cikin amsar. A ranar ya je banki ya tura kuɗin, ya aika mata hoton shaidar. Da ya fito ya tsaya a bakin titi, yana jin takaicin injin goge katakon da sayensa ya ƙara nisa, yana kuma jin yunwa a karon farko cikin kwana huɗu.

Goma sha shidan sun isa ranar sha uku da safe. Busasshen katako kuwa bai zo ranar sha ɗaya ba, sai ranar sha biyar, motar ta lalace a hanya. Kwana huɗun nan Shiru-shiru ya yi su yana safa da marwa tsakanin shagonsa da na mai katako, har mutumin ya fara ɓuya in ya hango shi. A tsakiyar mako kuma aka ɗauke wuta yini biyu, suka koma yanka da zarton hannu. Da aikin bai ragu zuwa goma sha biyu ba, da kwanakin da ya ƙara sun ƙare tas. Aka shafa banish ranar ashirin da biyu, ya bar su suka sha iska sosai.

Ranar Asabar, ashirin da bakwai, ƙarfe tara, suka sauke kaya a harabar makarantar. Shugaba ta fito da rasit a hannu, ta ƙirga, sannan ta bi teburan ɗaya bayan ɗaya tana dafawa tana girgizawa. Na tara ya yi rawa. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. Shiru-shiru ya durƙusa, ya kwantar da kai ya duba ƙafafun, ya ja teburin gefe taku biyu, ya girgiza, bai motsa ba. Ya mayar da shi inda yake, ya nuna mata wani ɗan tudu a simintin. Ta sa takalmi ta taka wurin, ta ce wannan kuma magini ne, shi ma zai ji daga gare ta.

Ta biya cikon kuɗin nan take. Yana haɗa kayan aikinsa ta ce ƙofar kabad ɗin ofishinta ta saki, ko zai duba kafin ya tafi. Ya ce wa ma'aikatan su jira shi a mota, ya ɗauki jakarsa ya bi ta.